Sabon mai kula da mangaza zai fara aiki Litinin: me zan shirya masa?

*Assalamu alaikum. Ni ke riƙe da harkar kawuna a nan Damagaram, muna sayar da shinkafa da man girki da taliya a sari. Mun ɗauki sabon yaro da zai kula da mangaza, ran Litinin zai fara, wanda ke wurin kuma zai tafi ƙarshen sati. Me da me ya kamata in yi a satin nan na farko? Wa zan nuna masa, me zan ba shi, wane aiki zai soma da shi?*

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya albarka a kasuwa, ya kuma ba ku zaman lafiya da yaron.

Abu na farko, kada ka ba shi makulli ran Litinin. Na san haka aka saba: yaro ya zo da safe, a gaisa, a miƙa masa zoben makullai, a ce to ga mangaza nan, Allah ya taimaka. Yawancin rigimar da nake gani tsakanin mai gida da mai kula da kaya, idan ka bi ta har tushe, a wannan safiyar aka shuka ta. Bayan wata biyu a rasa buhu bakwai, babu wanda ya san ko sun ɓace kafin zuwansa ko bayansa, shi yana rantsuwa, ku kuna zargi. Don haka ka jera satin haka: takarda tukuna, sai mutane, sai ƙirga, makulli daga ƙarshe.

Takardar ka gama da ita kafin Litinin in zai yiwu. Ka ce ya kawo kwafin katin shaidarsa, takardar haihuwa, hotuna, da lambar wanda za a kira idan wani abu ya same shi. Kwantiragi a rubuce, kwafi biyu, ɗaya nasa ɗaya naku. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta sa awa 40 a sati, mafi ƙarancin albashi kuma ya koma sefa 42,000 daga farkon 2024, to kada abin da ka rubuta ya saɓa wa waɗannan. Idan kana so ka gwada shi na wani lokaci kafin ka tabbatar da shi, sai ka rubuta hakan a ciki, da ranar farawa da ranar ƙarewa. Gwajin da aka faɗa da baki kawai ba zai tsaya maka ba a gaban sufeton aiki. A sanar da hukumar samar da aikin yi ta ANPE an ɗauki mutum, a kuma yi masa rajista a asusun fansho da haɗarin aiki na CNSS tun a satin nan, ba sai an gama gwaji ba. Mangaza wuri ne da ake jin ciwo. Buhu kan zame daga saman jeri, mota kan ja da baya ta matse mutum da bango, kuma haɗari bai san sabon ma'aikaci ba. In ya taɓa aiki a wani wuri yana da lambarsa ta CNSS, ita za a ci gaba da amfani da ita, ba a buɗe sabuwa.

Akwai wani ɗan lissafi da nake so ka yi a gabansa da biro da takarda. A ce kun shirya a kan sefa 80,000 a wata. Kason ma'aikaci na CNSS kashi 5.25 ne cikin ɗari, wato 4,200, sai ya rage 75,800 kafin a taɓa harajin albashi. Idan shi a ransa jika 80 zai riƙe a hannu, ku kuma kuna nufin jika 80 kafin a cire, to ƙarshen watan farko zai ji an cuce shi, ko da ba a cuce shi ba. Ka faɗa masa abin da zai shiga aljihunsa, da ranar biya, da ko a hannu ne ko ta banki.

Yanzu Litinin da safe. Kai da kanka za ka zaga da shi, kada ka haɗa shi da wani yaro. Yadda aka gabatar da mutum haka za a ɗauke shi. Ku fara da Alhaji kawunka, ya gaishe shi, ya sa masa albarka. Daga nan sai mai riƙe da lissafi, don su biyun nan kullum takardunsu za su riƙa haɗuwa. Sai direba, sai mai gadi, sai shugaban ƴan dako. Mutane sukan tsallake biyun ƙarshe, alhali su ne suka fi kowa sanin mangazar. Mai gadi ya san wa ke zuwa bayan an tashi, ya san inda rufi ke yoyo da damina. Ƴan dako kuwa in suka ɗauka an raina su, ba za su yi faɗa da shi ba, sai dai mota ta kwana ba a sauke ba. Ka sa ya gaishe su da sunansu, ya ji nawa ake biyan dakon buhu da na jarka, kuma wa ke biya, ku ko mai saye.

Amma gabatarwar da ta fi duka nauyi ita ce wadda za a yi a gaban kowa, kuma in da hali daga bakin Alhaji za ta fito, ba naka ba. Ka tara ma'aikata na minti biyar, a ce: daga ranar da aka damƙa wa wane makulli, babu kayan da zai fita sai da takarda mai sa hannun mutum kaza ko mutum kaza. A ambaci sunayen, kada su wuce biyu. Ga dalilin da ya sa na nace. Harkarku ta gida ce. Ran nan wani ɗan Alhaji zai zo ya ce Hajiya ta ce a ba da buhu biyu da jarka ɗaya. Gobe wani dattijo abokin Alhaji zai turo kabu-kabu ya ce a ɗora masa katan uku, za su yi magana da mai gida. Yaro ɗan shekara ashirin da ƴan kai, sabon zuwa, ba zai iya kallon dattijo ya ce a'a ba, tarbiyyarmu ba ta ba shi wannan ba. Zai bayar, ya ji kunyar neman takarda, ranar ƙirga kuma abin ya hau kansa. Idan Alhaji ya riga ya faɗa a bainar jama'a, yaron ya samu abin fakewa. Zai ce, Baba ka yi haƙuri, mai gida ne ya hana ni, bari in kira a rubuto. Kayan da za a kai gida ma a rubuta musu takarda, a sa "na gida" a kanta. Ba a hana kowa komai ba, an dai rubuta.

Sauran Litinin ka bar shi ya bi wanda zai tafi, yana kallo. A nuna masa ƙananan abubuwan da sabo ke jin nauyin tambaya: inda ake salla, inda ruwan sha yake, banɗaki, lokacin cin abinci, ƙarfe nawa ake tashi ran Juma'a, wa zai kira idan zai makara. A garin nan da ruwa ke wuya, ka faɗa masa wa ke da alhakin cika randa ko jarkar ma'aikata, kada ya wuni da ƙishi yana kunyar magana.

Talata ita ce ranar ƙirga, kuma a nan nake so ka fi ba da ƙarfi. Na zaɓi Talata ne don Alhamis ranar babbar kasuwa ce, tun Laraba da yamma hada-hada ke ƙaruwa, ba za ka samu natsuwa ba. Mutum uku za su tsaya: mai tafiya, mai shigowa, da kai ko mai lissafi a matsayin shaida. A tsayar da shiga da fita har a gama, ko da awa uku ne. In dole wani kaya ya fita, a ajiye takardarsa gefe, a rubuta lokacin.

Kada a ba sabon yaron littafi ya riƙa dubawa yana ƙirga. Idan ya ga an rubuta 412, idonsa zai nemo 412. A ba shi farar takarda da sunayen kaya kawai, ya ƙirga ya rubuta abin da ya gani, daga baya a gwada da littafi. Jerin buhu ana ƙirga shi ne da yawan buhun da ke shimfiɗa ɗaya sau yawan hawa, sai a ƙara na saman da bai cika ba. To amma wannan lissafin yana gaskiya ne kawai idan cikin jerin a cike yake. Akwai jerin da daga waje za ka gan shi tsaf kamar ginin tubali, tsakiyarsa kuwa rami ne. Sai wani ya hau sama ya ɗaga buhu biyu uku ya leƙa, duk jerin da aka yi shakkarsa kuma a rushe shi a sake jerawa, a biya ƴan dako ladan wannan. A ɗauki buhu biyar ko goma daga wurare dabam-dabam a ɗora a sikeli, don buhun kilo 25 da aka zare masa kwano guda aka sake ɗinkewa ba ya nunawa a ido, sai dai zaren ɗinkin ya bambanta da na kamfani. Katan ɗin taliya a duba gindinsa, nan ake buɗewa a sake liƙewa. Jarkar mai a duba hatimin murfi, a kuma kalli ƙasa ko akwai danshin mai.

Bari in ba ka misali yadda abin kan kasance. Littafi ya ce shinkafa mai kilo 25 buhu 412. Aka ƙirga aka samu jeri huɗu masu buhu 10 a shimfiɗa, hawa 10, wato 400, da wasu 5 a gefe. Jimla 405, saura 7. Kafin kowa ya ɗaga murya, a koma kan takardun fita na kwana uku ko huɗu da suka wuce, a gwada su ɗaya bayan ɗaya da littafi. Sai ga wata takarda ta ranar Asabar, buhu 5, an ba da kaya ba a shigar ba. Saura 2. Aka tambayi ƴan dako, suka nuna buhu biyu da suka fashe wajen saukewa, an juye su a wani buhun daban an jingine bayan ƙofa. Aka auna, kilo 46 maimakon 50. To ka ga ainihin abin da ya ɓace kilo 4 ne, ba buhu 7 ba. A takardar miƙa aiki za a rubuta: buhu 405 lafiyayyu, kilo 46 na fasasshe, takardar Asabar an shigar da ita yau. Da ba a yi wannan ba, a ce buhu yana kan sefa 12,500, buhu 7 sun kama 87,500, sun fi albashin yaron na wata ɗaya, kuma a kansa za a ɗora.

Idan aka bi takardu aka tambayi kowa giɓin bai rufe ba, a rubuta shi yadda yake, da sunan kayan da adadinsa. Wannan magana ce tsakaninku da mai tafiya, sabon ba ruwansa. Kada ka yarda da "a bari zan cike kafin Juma'a" ba tare da an rubuta ba. Kuma duk adadi a sa shi da lamba, kuɗi a rubuta da sefa cikakke. A baki muna cewa dala da jika, wani lokaci ma mai saye daga Magarya ko Matamai ya zo da lissafinsa na naira, amma takarda harshe ɗaya za ta yi. Mutum ukun su sa hannu a kowane shafi, ba na ƙarshe kaɗai ba, kowa ya riƙe kwafi, a kuma ɗauki hotonta a waya.

Sai an sa hannun nan ne makulli zai canja hannu. Shawarata ka sayi sababbin kwaɗo ranar. Ba zargin mai tafiya ba ne. Makullin da ya shekara uku yana yawo, ba wanda zai iya rantsewa sau nawa aka yanka irinsa. Kuɗin kwaɗo biyu masu kyau bai kai na buhu ɗaya ba. Mafi kyau ƙofa ta zama da kwaɗo biyu mabambanta, ɗaya makullinsa a hannun yaron, ɗaya a hannunka, ta yadda ba mai buɗewa shi kaɗai. Wannan kariya ce gare shi kafin ta zama gare ku. Makullan ajiya a sa su a ambulan, ku biyu ku sa hannu a kan bakin liƙin, a ajiye wurin Alhaji. In yana ganin zai yi muku wuya kullum ku haɗu da safe, to a yi hakan ko da na watan farko ne.

Kayan aikinsa ba su da yawa, ka dai rubuta su a takarda ɗaya ya sa hannu: littafin shiga da fita mai lambar shafi, ƙunshin takardun fitar da kaya masu lamba a jere da kwafi, kalkuleta, tocila mai caji, alli ko alƙalamin maka na rubuta wa jeri, takunkumin hanci saboda ƙura, takalmi mai rufi. Ka rubuta lambar takardar farko da ta ƙarshe a ƙunshin da ka ba shi, ka gaya masa wadda ta lalace ba a yage ta, a ja mata layi a bar ta a ciki. Lambar da ta ɓace a tsakiya ita ce alamar farko da mai bincike ke nema. Ka nuna masa abin kashe gobara, ya ɗaga shi da hannunsa ya ga inda ake zare fil, ku duba ranar da ke jikinsa tare.

Waya kuma, layin aiki ya zama da sunan kamfani aka yi masa rajista, ba da sunan yaron ba. Na ga inda mai kula da kaya ya bar aiki ya tafi da layin da duk masu saye suka sani, aka ci gaba da kiransa ana turo masa kuɗi. A sa shi a zauren WhatsApp na ma'aikata, a cire mai tafiya ranar da ya tafi. Kuma a faɗa masa ƙarara ba ya karɓar kuɗin kaya, ko a hannu ko ta Nita ko Amana ko Airtel Money. Mai riƙe da kaya daban, mai riƙe da kuɗi daban. Duk inda mutum ɗaya ya haɗa biyun, ko waliyyi ne, kun rasa hanyar gane kuskure.

Idan kuna da kwamfuta, a buɗe masa nasa sunan shiga da nasa lambar sirri. Kada a ba shi na wanda ya tafi, in ba haka ba duk abin da aka taɓa ba a san hannun wa ba ne. In Excel kuke amfani da shi, layi uku kawai yake buƙata: abin da aka kwana da shi, abin da ya shiga, abin da ya fita. Ragowar na'ura za ta fitar:

```
=B2+C2-D2
```

A fara cire alamar Verrouillée daga gidajen shiga da fita ta Format de cellule sannan Protection, daga nan a kulle sauran, har da gidan wannan lissafin da na farashi, ta Révision sannan Protéger la feuille, sai gidajen shiga da fita kaɗai su zauna masa a buɗe. Amma littafin takarda shi ne asali. Wuta takan ɗauke ana tsakiyar lodi, ya rubuta a littafi nan take, ya shigar a kwamfuta kafin a tashi.

Laraba ya fara aiki da hannunsa, kana tsaye kusa ba ka sa baki sai in ya kauce. Aikin da ya fi dacewa ya soma da shi shi ne karɓar kaya, in akwai motar da za ta zo. Tan ɗaya buhu 40 ne na kilo 25, don haka motar tan 10 buhu 400 ake jira. Ya karɓi takardar direba ya karanta kafin a kwance igiya. Ya tsaya a bakin ƙofa, ba a cikin mota ba, yana jan layi ɗaya ga kowane buhu, na biyar ya gitta. Jiƙaƙƙe ko fasasshe a ware shi gefe. Abin da za ka lura da shi a nan shi ne ƙarshe: direba yana sauri, injin na kunne, ya miƙo takarda a sa hannu. Idan an samu 398 da fasasshe 2, shin yaron zai rubuta hakan a kan takardar kafin ya sa hannu, ko zai sa hannu a 400 don kada ya ɓata wa mutum rai? In ya yi na biyun, ka gyara shi a nan take cikin taushi, bayan direba ya matsa. Sabon kaya kuma a jera shi a baya, tsoho ya fara fita, a rubuta ranar shigowa da alli a jikin jeri. A ɗora a kan katako, a bar tazara tsakanin jeri da bango yadda mutum zai iya wucewa ya duba ɓera da danshi.

Alhamis kada ka bar shi shi kaɗai ko na awa ɗaya, kuma kada ka ƙara masa sabon darasi. Masu saye daga ƙauyuka za su cika ƙofa, kowa na son a sallame shi ya kama mota. Aikinsa ranar abu ɗaya ne: takarda a hannu, kaya su fita, ya sa alama a takardar don kada a dawo da ita karo na biyu. Mai tafiya ya tsaya bayansa, ya riƙa nuna masa manyan abokan ciniki da sunansu. Da yamma ku zaɓi kaya iri uku kacal, waɗanda suka fi fita, ya ƙirga su ya gwada da littafi. Minti ashirin ne. In sun daidaita bayan rana irin wannan, hannunsa ya fara zama. In ba su daidaita ba, takardun ranar suna nan da ɗuminsu, kowa na tuna abin da ya faru, za a gano kafin magariba. Wannan ɗan ƙirgan na yamma ka mayar masa da shi al'ada, kullum kaya uku, ana juyawa.

Juma'a da safe, kafin a tafi masallaci, ku zauna ku biyu na rabin awa, ba a gaban mutane ba. Kada ka tambaye shi "ka gane komai?", don amsar "e" ce ko bai gane ba. Ka ce ya bayyana maka da bakinsa: mutum ya zo ba takarda ya ce Alhaji ne ya turo shi, me za ka yi? Ka samu buhu ya fashe da safe, ina za ka rubuta? Takarda ta ce katan 20, mai saye ya ce 25 ya biya, wa za ka kira? Daga amsarsa za ka san inda za ka ƙara tsayawa sati mai zuwa. Sannan ka tambaye shi abin da ya gani a mangazar da bai yi masa daidai ba. Sabon ido yana ganin abin da ku kuka daina gani, kuma bayan wata ɗaya shi ma zai daina.

Kafin mai tafiya ya yi sallama, a karɓi tsofaffin makullai da wayar aiki, a rufe sunansa a kwamfuta, a ba shi takardar shaidar aiki da haƙƙinsa cikakke, a kuma roƙe shi ya bar lambarsa a buɗe na sati biyu saboda tambaya. Ka sa ranar cikakken ƙirga na gaba a kalanda tun yanzu, ƙarshen watan farko, ka faɗa wa yaron ranar. Allah ya ba da sa'a, ka gaida Alhaji.